A'a Mai Babbar Riga

A makon nan ina so mu yi magana a kan wata irin wasiƙa wadda kowa a cikinmu ya taɓa karɓa, waɗansunmu kuma sun taɓa rubuta ta da hannunsu, ko don kansu ko don wanda ya sa su. Ita ce wadda ka aika da roƙo, amsa ta zo cike da gaisuwa da addu'a, ka karanta tun daga sama har ƙasa ba ka ga inda aka ce an ƙi ba, ba ka kuwa ga inda aka ce an yarda ba. Sai mai roƙo ya naɗe ta ya sa aljihu yana murna, ya zauna jiran gawon shanu, alhali wanda ya aiko ta ya riga ya gama magana tun ran da ya rubuta. Hasarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce, gama lokacin da mutum ya ɓata yana jira, da ya nemi abin a wata ƙofa da ya samu.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ran Alhamis ya ji yadda a ke ciniki. Mai saye ya zagaya sa, ya duba haƙora, ya taya. In kuɗin bai kai ba, mai sa ko dillalinsa ba ya cewa ya ƙi, sai ya ce, "Albarka." Babu wanda ke tsammanin an sa masa albarka ne. Ko baƙon da ya zo daga kudu da motar lodi, yini ɗaya ya ishe shi ya gane ma'anar ita ce bai sayar ba, a ƙara. Sai an kai inda a ke so sa'an nan a ji, "Na sallama." Hakanan in ka tarar da mutum yana cin abinci ya ce, "Bismilla," ka ce, "Alhamdu lillahi," ya san ba za ka ci ba. Mai bara kuma in aka ce masa, "Allah ya ba da haƙuri," ba ya tsayawa, sai ya wuce ƙofa ta gaba. Duka ukun nan ƙi ne, kuma babu mai ruɗewa da su, domin jama'a sun riga sun daidaita a kan ma'anarsu. Ga shi kuma ana yin su ido da ido, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska. Wahalar wasiƙa ita ce takarda ba ta da fuska, saƙon da a ke bugawa a wayar hannu shi ma ba shi da ita, kuma kowane marubuci da irin rigar da ya ke ɗinka wa tasa a'a.

Kada wani ya ce wannan hali yaudara ce. Kara ce ta kawo shi. Mutumin da ka roƙa yana so gobe ku haɗu a wurin suna ko jana'iza ku gaisa ba da jin nauyi ba. In ya ce maka ya hana, ya bar ka da kunyar wanda aka kora, ya bar kansa da sunan marowaci. In kuwa ya lulluɓe maganar, kai kana iya cewa ba a hana ka ba, shi ma yana iya cewa bai hana ba, zumunci ya zauna. Abin yana zama cuta ne kurum sa'ad da ɗayan bai ji harshen ba. Saboda haka koyon harshen nan ya zama tilas ga duk mai aikin takarda.

To, ga ma'aunin da ni ke so mai karatu ya riƙe. Amsar da ke nufin yarda, ko da yarda ce mai jinkiri, takan ɗora wa wanda ya rubuta ta kaya. Za ka ga rana a ciki, ko sunan wanda za ka je wurinsa, ko adadin abin da za ka samu, ko wani aiki da ya ce shi zai yi. Amsar da ke nufin ƙi kuwa ba ta ɗora masa kome. Takan jingina al'amarin ga abin da ba ya hannun kowa, ko ta mayar maka da nauyin tunani a kanka. In ka gama karatu, sai ka tambayi kanka: yanzu wane ne zai yi wani abu, mene ne abin, kuma yaushe? In babu amsar ko ɗaya, an hana ka.

Bari in kawo wani labari na tarihi wanda ke nuna wannan sarai. A cikin watan Maris na 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, wanda ya ke kiran kansa Abdullahi a ƙasashen nan, ya isa Sakkwato daga Barno ta hanyar Kano. Aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya karɓe shi da girmamawa. Babbar bukatar Abdullahi ita ce a bar shi ya wuce Yawuri da Nufe, domin ya ga kogin Kwara ya san inda ya nufa, ya kuma ji labarin wani Bature, Mungo Park, wanda ya halaka a kogin nan wajen Busa shekaru da dama kafin nan. Da fari maganar ta tafi daidai, har ya ɗauka tafiya ta tabbata.

Bayan 'yan kwanaki Sarkin Musulmi ya kira shi. Bisa ga yadda Abdullahi da kansa ya ba da labari, ba a ce masa an hana ba. Abin da aka gaya masa shi ne hanyoyin Nufe biyu ne, ɗaya miƙaƙƙiya amma cike da abokan gaba, ɗaya kuma ta fi aminci amma zagaye ce. Ta kowace ya bi, damina za ta tsare shi a ƙasar da ke cikin tawaye. Saboda haka ya kamata ya dubi waɗannan wahaloli da kyau. Abdullahi ya amsa cewa ya riga ya duba, ba ya tsoron hanya, ba ya tsoron ruwa. Sarkin Musulmi bai yi masa gardama ba, bai kuma ce to Allah ya kiyaye hanya ba. Sai ya sāke gaya masa ya yi tunani da hankali, aka sallame shi. Abdullahi ya ce daga muryar da aka faɗi wannan ya ji a jikinsa tafiyar ta mutu. Haka kuwa aka yi. A farkon watan Mayu ya bar Sakkwato ya koma ta inda ya fito, da takardar Sarkin Musulmi zuwa ga Sarkin Ingila a hannunsa, bai ga Yawuri ba bai ga Nufe ba.

Mu tsaya mu auna wannan amsa. Da fari dai, duk abin da Sarkin Musulmi ya faɗa gaskiya ne. Akwai fitina a waɗannan ƙasashe a lokacin, damina kuwa tana tafe. Wannan darasi ne babba, gama mutane da yawa suna tsammanin in uzurin da aka ba su gaskiya ne, to ba ƙi ba ne. Ina! Mai dattako ba ya bukatar ƙarya domin ya hana ka. Gaskiyar da ke kusa da shi ta ishe shi ɗinka riga. Na biyu, a duba wanda ke magana. Mai ikon ba da mahaya da jagora da takardar hanya shi ne ya zauna yana lissafa haɗarin hanya. In wanda zai iya kawar da ƙaya ya tsaya yana nuna maka ita kurum, ka san ba ya so ka bi ta nan. Na uku, sa'ad da baƙon ya kawar da uzurin, ya ce ba ya tsoro, amsar ba ta motsa ba ko kaɗan. Da damuwar ita ce tsoron baƙo, da maganarsa ta warware ta. Tun da ba ta warware ba, dalilin yana wani wuri dabam. Abdullahi ya zargi fataken Larabawa da ke Sakkwato, yana ganin su ne ba su so Turawa su san hanyar kogi su raba su da ciniki. Wannan zato nasa ne. Abin da ya shafe mu shi ne bai bukaci sanin dalili ba kafin ya gane amsa. Kai ma ba ka bukata.

Akwai sauran labarin da ya kamata a ji. Abdullahi ya komo Sakkwato a 1826, wannan karo daga bakin teku, yana ɗauke da takarda da kyauta zuwa ga Shehun Barno, Muhammadu Aminu Elkanemi. Ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno. A nan babu lulluɓi: aka hana shi wucewa a fili, aka karɓe takardar da makaman da zai kai. A Sakkwato ya rasu cikin watan Afrilu na 1827. Mutum ɗaya ne ya yi hani na fari da na biyu. Watau kara tana da iyaka, kuma wanda ya lulluɓe maka magana ba don ba ya iya faɗarta tsirara ba ne, don yana ganin girmanka ne. Kada ka matsa masa har ya tuɓe mata riga.

Ga wani labari kuma mai ɗan bambanci, wanda mai shi ya taɓa kwana a ƙasarmu. A watan Maris na 1851 Dakta Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya biyo ta Gumel daga Kano za shi Kukawa. A zamanin nan Gumel tana bin Barno, kuma kasuwar kanwa ce babba. A nan ne ma wasiƙun gida suka riske shi bayan ya daɗe bai ji labarin ƙasarsu ba. Daga Kukawa ya nufi Adamawa, ya isa Yola cikin watan Yuni, tare da manzannin Barno waɗanda ke ɗauke da takardu a kan gardamar iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Wannan rakiya ta ɓata masa shiga. Bayan 'yan kwanaki kaɗan Lamiɗo Lawal, ɗan Modibbo Adama, ya aiko masa da saƙo. Ma'anar saƙon ita ce shi bawan Sarkin Musulmi ne, baƙon kuwa babban mutum ne wanda ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar ba, saboda haka yana tsoron ubangijinsa. Ya koma ta inda ya fito, amma in ya zo da takarda daga Sakkwato za a karɓe shi hannu biyu.

A nan an faɗi abu biyu, kuma ya kamata a raba su. Na yau hani ne, babu shakka. Amma an ambaci suna, an ambaci abin da za a kawo. Irin wannan shi ne jingina magana ga na gaba, kuma mu akawuna mun san shi ƙwarai, gama kullum a kan ce sai an ji daga sama. Yadda za ka auna shi shi ne ka dubi nisan ƙofar da aka nuna maka. Daga Yola zuwa Sakkwato da komowa tafiyar watanni ce a kan doki. Sharaɗin mai yiwuwa ne, amma an san da wuya a cika shi. Abdulkarim ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, amma a lokacin ya fuskanci yamma, za shi Tambutu, bai sāke komawa Yola ba. To, in aka tura ka wurin na gaba, tambayi kanka: ina iya kaiwa gare shi kafin bukatata ta wuce? Wanda ya tura ni ya ba ni takarda ko ɗan rakiya? In ya ba ka, yana tare da kai. In ya nuna maka hanya da baki kurum, sallama ce.

Yanzu mu sauko daga fadar sarakuna mu komo gida. Ga misali wanda na tsara domin bayani, ba wasiƙar kowa ba ce. A ce wani malamin makaranta a ƙasar Sule Tankarkar yana da gona, yana so ya shuka riɗi, ba shi kuwa da shanun huɗa. Ya rubuta wa wani yayansa, ɗan kasuwa a Maigatari, yana roƙon aron shanu biyu da garma na kwana biyu cikin mako mai zuwa. Kowa ya san daminarmu gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, wanda ya makara da mako biyu ya gani a buhu. Ga amsar da ta zo:

"Zuwa ga ƙanena Malam, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina fata kana lafiya, da iyali, da yaran makaranta. Bayan haka, takardarka ta iso, na kuma fahimci abin da ke ciki. Ai ka san abina naka ne, babu shamaki tsakaninmu. Sai dai bana shanun sun sha wuyar rani, ga shi kuma yaron da ke riƙe su ya yi tafiya. Amma bari mu ga abin da Allah zai yi. In da hali za ka ji daga gare ni. Ga ɗan goro nan na ba ɗan aike, a ba mutanen gida. Haza wassalam."

Mai karatu ya lura, da fari, ba a ambaci abin da aka roƙa da sunansa ba. Malam ya ce kwana biyu, ya ce mako mai zuwa, amsa ta ce "abin da ke ciki." Wanda ke niyyar bayarwa yakan maimaita roƙon, domin yana lissafi da shi. Sa'an nan a dubi inda "sai dai" ta faɗo. Duk abin da ke gabanta shimfiɗa ce, wasiƙar daga nan ta fara. Gwargwadon kaurin shimfiɗa, gwargwadon taurin abin da za a kwantar da kai a kansa. Bayan "sai dai" an kawo uzuri biyu waɗanda ba su da dangantaka, ramar shanu da tafiyar yaro. In da matsala ɗaya ce tak ta tsare shi, da ita kaɗai zai faɗa, ya kuma faɗi ran da za ta kau. Tara uzuri alama ce ta mai toshe ƙofofi, don in ka buɗe wannan ka tarar da waccan. Sai kuma "za ka ji daga gare ni." Wannan ita ce ta fi cutar mai jira, gama ta karɓe maka ikon sāke tambaya, ba ta kuwa sa rana ba. Ƙarshe ga goro. Kyautar da ba ka roƙa ba, in ta zo a madadin abin da ka roƙa, ban haƙuri ce. Ka karɓa ka gode, ka san an rufe magana.

Ga kuma yadda amsar za ta kasance in da yarda ce:

"Malam, na ga takardarka. Shanun suna gonata har ran Talata. Ran Laraba da sassafe ka aiko wanda zai kora su. Kwana ɗaya za ka samu, ba biyu ba, gama na yi wa wani alkawarin Juma'a. Dusa da harawa a kanka."

Wannan ba ta da zaƙi ko rabin ta fari. An rage masa kwana, an ɗora masa ciyarwa, har wanda bai saba ba ya ce an yi masa rowa. Amma ita ce mai shanu a ciki. Akwai rana, akwai adadi, akwai wanda zai yi kowane abu. Wanda zai ba ka da gaske yakan yi ciniki da kai, ya rage, ya sa sharaɗi, domin abin zai fita daga hannunsa. Wanda ba zai bayar ba, ba ya jin ciwon cewa duk abinsa naka ne.

To, in Malam ya karanta ta fari yana cikin shakka, me zai yi? Akwai gwaji guda, kuma sau ɗaya a ke yinsa. Ya sāke rubutu, ya kawar da uzurin da aka kawo, ya rage roƙon, ya sa rana, sa'an nan ya buɗe wa yayansa ƙofar fita. Watau ya ce: "Yaya, na gode da goro. Ina da yaro a nan wanda ya iya riƙon garma, kuma yini ɗaya ma ya ishe ni, ran Asabar. In bai yiwu ba babu kome, gama na yi magana da wani mai shanun haya a Gagarawa, ina so dai in san abin da zan gaya masa kafin Alhamis." Amma fa ya tabbata ya nemi mai shanun hayar da gaske, kada ya warkar da lulluɓi da ƙarya. Ɗayan uku zai biyo baya. Ko a ce ya aiko yaron, ashe uzurin shi ne dukan matsalar. Ko a kawo sabon uzuri, a ce garmar ma tana wurin maƙeri, wannan kuwa shi ne irin abin da Abdullahi ya gamu da shi a Sakkwato: an kawar da dalili, amsa ba ta motsa ba. Ko kuma a ce, "Madalla, ka riƙe na Gagarawa ɗin," cikin sauri da sakin fuska, ka san ka sauke wa mutum kaya. In Alhamis ta wuce shiru, kurum ma magana ce. Ko ta yaya, Malam ya san matsayinsa cikin kwana uku ko huɗu maimakon mako uku, kuma ba a ɓata da kowa ba. Wanda ya yi gwajin nan sau biyu ko uku ya fita daga tambaya ya shiga naci, kuma shi zai jawo a gaya masa abin da ba ya so ya ji.

In da ɗan aike aka kai takardar, kada a bar shi ya tafi sai an tambaye shi. An karanta a gabansa? An amsa nan take, ko an ce ya je ya komo? Mai gidan ya yi wata tambaya a kan gonar, ko girmanta, ko ran da a ke so? Mai niyya yakan yi tambaya. Ɗan aike shi ne fuskar da takarda ta rasa.

Ma'aunin nan yana aiki a takardun ofis ma. In ka nemi canjin wurin aiki aka amsa cewa an karɓi takardarka ana dubawa, ba ka sami kome ba tukuna sai shaidar isarta. In kuwa aka ba ka lambar fayil, aka faɗi teburin da ta ke, aka ce za a zauna a kanta ran kaza, ko aka ce ka kawo wata takarda da ta rage, to maganarka tana da rai.

Amma kada mai karatu ya wuce gona da iri, ya riƙa ganin hani a kowace kalma mai laushi. Wannan kuskure shi ma yana raba zumunci. Akwai wurare uku da ya kamata a yi hattara. Na ɗaya, faɗin "in Allah ya yarda" ba alamar ƙi ba ce. Kowane mai ladabi yana faɗinta a kan abin da ke gaba. Abin dubawa shi ne abin da ke tare da ita. "Ran Laraba in Allah ya yarda" alkawari ne, alkawari kuwa kaya ne. In ta zo ita kaɗai, ba rana ba wata, sa'an nan ne za ka auna. Na biyu, akwai al'amuran da bisa al'ada ba mutum ɗaya ke yanke su ba. In aka aika neman aure uban yarinya ya ce sai ya shawarci baffanninta, sau da yawa gaskiya ya faɗa, gama a gidaje da yawa baffa ne ke bayarwa, uba kuwa yakan yi kara ya janye. Wanda ya ɗauki wannan hani ne ya yi fushi, ya yi wa kansa. Sai dai a saurara a ji ko an faɗi wane baffa, ko an ce a komo bayan salla ko bayan kaka. In an yi watanni ana shawara ba a ambaci kowa ba, wannan kora da hali ce. Na uku, a tuna ba kullum mai magana ne mai rubutu ba. Dattijon da bai yi boko ba yakan faɗi magana biyu gajeru, ɗansa ko akawun da ya sa ya ƙara gaisuwa da ado har maganar ta nutse. Hakanan jinkirin amsa a waya yana iya zama rashin caji ne, ko mutum yana daji wurin dabbobi, ko yana jiran mai karanta masa. Saboda haka a san halin mai aikowa kafin a yanke masa hukunci. Wanda kullum wasiƙarsa doguwa ce, tsawonta ba ya nuna kome. Wanda ya saba da layi biyu, yau ya cika shafi da yabo, shi ne abin lura.

Saura kalma ɗaya ga mu masu riƙe alƙalami, gama yau kai ne mai roƙo, gobe kai za a roƙa, ko a sa ka rubuta amsa. Kara abu ne mai kyau, amma in bukatar mutum tana da lokaci, irin su huɗa da kuɗin makaranta da magani, bai kamata a bar shi yana jira ba. Ana iya hana mutum ba tare da an ce a'a ba, kuma ba tare da an rataye shi ba. A maimakon "za ka ji daga gare ni," sai a rubuta, "Bana kam kada ka dogara da ni, ka nemi wata hanya tun da wuri, Allah ya hore mana baɗi." Babu zafi a cikinta, kuma ta sake shi ya tafi neman abinsa. Dillalin Maigatari ma da ya ce "Albarka" bai ci mutuncin kowa ba, bai kuwa bar mai saye tsaye a rana har kasuwa ta watse ba.

Wanda ke da wata irin amsa da ta ɗaure masa kai, ya aiko da ita wannan shafi, ya cire sunaye, mu duba ta tare. Allah ya ba mu fahimtar juna, ya sa damina ta yi albarka. Sai mako mai zuwa.

Naku,
Akawu, Gumel.